Amsa ga ɗan'uwa na Kano a kan Turancin yaran Zango

Malam, ka tambaya ko mu Hausawan Kumasi, da yake Turanci ne harshen gwamnati da makaranta a Gana, mun huta da rikicin kalmomi irin its da it's, ka kuma ƙara da cewa ai dole mu iya Turanci tunda Hausar ta kuɓuce mana. Maganarka ta biyu ta sosa mini rai, amma ta farkon ita ce sana'ata, domin ina koyar da yaran da ke shirin jarrabawar kammala sakandare, wadda hukuma ɗaya ce take shirya ta a nan da can wajenku.

Ba mu huta ba. Yaron Zango, wato unguwar Hausawa a nan, yana tashi da Hausa a gida, Tuwi, harshen Asante, a kasuwa, Turanci a aji, kuma yawancin Turancinsa da kunne ya ɗauka. Kunne kuwa ba ya raba its da it's, don furucinsu ɗaya ne, affect da effect ma kusan haka suke a bakin mai sauri. Sai an zo rubutu asiri yake tonuwa.

Ga jimlar da wata ɗalibata ta rubuta bayan ruwan da ya yi ɓarna a unguwar Aboabo da ke nan Kumasi: The rain effected our school and it's roof fell. Da Hausa na gyara mata, kuma wannan ita ce hanyarmu da nake so ka sani. Na ce ta faɗi abin da take nufi, ta ce ruwa ya shafi makarantarmu, rufinta ya faɗi. Na ce ta dubi "rufinta". Duk inda Hausa ta liƙa -nsa, -nta, -rsa ko -rta a jikin suna don nuna mallakar wani abu ko dabba, its ake rubutawa, ba tare da ɗan waƙafin nan na sama ba. Shi it's gajartawa ce kawai ta it is ko it has, saboda haka gwajinsa shi ne a warware shi a karanta. Da ta karanta it is roof fell, ita da kanta ta ji maganar ba ta zauna ba.

Abin da ke ruɗa yara, kuma ba na ganin laifinsu, shi ne an koya musu cewa waƙafin sama da s suna nuna mallaka, kamar a Audu's book. Wannan doka ta sunaye ce. Wakilan suna na mallaka, wato his, hers, ours da theirs, babu wanda yake ɗaukar waƙafi a cikinsu, kuma its ɗan gidansu ne.

Sai "ya shafi". Wannan aikatau ne, ruwa ne ya yi wa makaranta wani abu, don haka affected ya kamata ta rubuta. Effect suna ne, shi ne tasiri ko sakamako, kuma ana gane shi idan ya karɓi the ko an a gabansa, kamar the effect of the rain. Gwajin yana da iyaka, domin a Turancin ofis effect yakan zama aikatau mai ma'anar zartarwa, kamar to effect a change. Shi ya sa na'ura ba ta ja wa jimlar yarinyar jan layi ba: kalmar tana nan, sai dai ma'anarta ta koma cewa ruwa ne ya samar da makarantar. Gyararriyar jimlar ita ce: The rain affected our school and its roof fell.

Game da Hausarmu, gaskiya ne da yawa a nan ba sa raba namiji da mace a magana, za ka ji an ce "mace ya zo", kuma kafa da ƙafa sukan fito iri ɗaya. Mahaifiyata 'yar Asante ce, auren da wasunku har yanzu suke yi wa kallon asara, amma ita ce take zaunar da mu da dare ta sa mahaifinmu ya maimaita "ɗaki" da "ƙofa" har sai mun furta daidai, domin ba ta so a je Kano a yi wa 'ya'yanta dariya. Hausar nan da ake rainawa da ita nake warware Turancin da ya gagari yara, kuma ko yaron da yake cewa "rufinsa" a wurin "rufinta" gwajin yana yi masa aiki, tunda its ba ta raba jinsi. Ka gwada shi a kan ɗalibanka, ka rubuto mini abin da ka gani.