Sanarwar rediyo kan maganin jabu: abin da zai shiga minti ɗaya

Tambaya: "Assalamu alaikum. An ba ƙungiyarmu minti ɗaya a rediyo nan Zariya don jan hankalin masu sayen magani a bakin titi. Waɗanne abubuwa uku zan ce su duba, kuma yaya zan tsara maganar?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina rubuta sanarwar lafiya ta rediyo, kuma shawarata ta farko ita ce kada ki jingina komai a kan lambar NAFDAC. Kusan kowa da ita yake farawa, alhali mai buga kwalin jabu yana buga lambar ma, sau da yawa ta wani magani ya kwafo. In babu ita, tabbas a guje shi. In tana nan, ba ta wanke maganin ba. Shi ya sa nake haɗa ta da duba kwali.

Ki kuma tuna wanda ke saurare. Mutum ne a tashar Kwangila, mota na shirin tashi, kansa na sarawa, ga mai faranti ya miƙo masa magani. Wataƙila bai iya karatun boko ba. Ga yadda zan rubuta:

"Jama'a, kafin ku biya kuɗin magani, ku duba abu uku. Na ɗaya, kwali. Ya zo a rufe, rubutu ba dishi-dishi ba, da lambar NAFDAC a jiki. Ƙwayoyin da aka ƙulle a leda, ku bar su. Na biyu, kwanan wata. Ku nemi inda aka rubuta EXP, wato ranar da magani ke daina aiki. Abin da ke jikin kwali ya zama shi ne a jikin katin da ke ciki. Na uku, kankarewa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta suna zuwa da wurin kankarewa irin na katin waya. Ku kankare, ku tura lambar ta saƙon tes zuwa inda aka rubuta a kwalin, kyauta ne, ku jira amsa. Wanda bai iya karatu ba, ya ba na kusa ya duba masa. In ɗaya ya saɓa, ku riƙe kuɗinku, ku nufi kemis mai lasisi ko asibiti."

Ki karanta da ƙarfi kina kallon agogo. In ya zarce, rage gaisuwa da kiɗa.

Na biyun ne ya fi kama ɓarawo, don haka ki fahimce shi sosai ko da masu kiran waya za su tambaya. Ɗauki maganin maleriya na manya, mai ƙwaya 24 da ake sha cikin kwana uku. A ce kwali ya nuna EXP 08/2027, wato watan Agusta na 2027. Sai a zaro katin ciki. In shi ya nuna wata shekara daban, ko lambar rukuni da ke gaban BN ta bambanta da ta kwali, to tsohon magani aka zuba a sabon kwali, ko kuma duka biyun na bogi ne. Haka in an manna 'yar takarda a kan kwanan watan, ko wurin ya yi kamar an goge an sake bugawa.

Kankarewa kuwa tana da nata rikicin. NAFDAC ta fara tsarin a 2010, kuma ba kowane magani ke da shi ba, don haka kada ki ce duk wanda ba shi da wurin kankarewa jabu ne. In kin ce haka, sai a dinga rigima da masu kemis a Sabon Gari kan maganin ciwon kai. Ban sa lambar da ake turawa a sanarwar ba da gangan, domin ba guda ɗaya ba ce, 38353 ɗaya ce daga ciki. Sannan mai talla ba zai so a kankare kafin a biya ba. A yi sharaɗi da shi tun farko: in amsa ta ce jabu ne, ciniki ya warware. Wanda aka tarar an riga an kankare, kada a karɓa.

Kalma ɗaya ce ba zan yarda ta shiga ba: "lafiya lau ne". Maganin gaskiya da ya wuni a faranti cikin ranar watan Afrilu zai iya tsallake duka ukun, amma ƙarfinsa ya ragu, kuma ido ba ya ganin haka. Ga shi tallan magani a titi da tasha doka ta hana. Shi ya sa jimlar ƙarshe ta tura mutum kemis ko asibiti. In masu gidan rediyon suka ce a rage, kowace jimla za ki iya taɓawa ban da wannan.