Hukuncin riƙe gawar mota bayan takaful ta yanke biyan diyya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jos ne. Ina da Corolla wadda na yi wa cikakkiyar takaful, wato inshorar Musulunci, a kan naira miliyan 8. Na yi hatsari a Hawan Kibo ina dawowa daga Abuja, Allah ya tsare rai, amma gaban motar ya tafi. Injiniyan kamfanin ya zo garejin da aka ajiye ta a Farin Gada, ya ce gyaranta zai ci miliyan 6 da rabi, don haka ta zama kwandem. Sun ce in na bar musu motar za su ba ni miliyan 7 da dubu 600, in kuma na riƙe ta za su ba ni miliyan 5 da dubu 600. Wani malami a unguwarmu ya ce wannan ragin zalunci ne, motata ce, ba wanda zai sayar mini da kayana, har ya ce akwai ƙamshin riba a ciki. Makanikena kuma ya ce in karɓi cikakken kuɗin, amma mu sauke giya da batir da tayu kafin su zo ɗauka. Ban sa hannu a komai ba tukuna. Irin motata yau a kasuwa ta kai miliyan 10. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar maka da alheri.

Tunda takaful ka yi, ba zan tsaya kan halaccin asalin yarjejeniyar ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke Jidda ta halatta inshorar taimakekeniya tun 1985. Zaɓi biyun da aka ba ka duk halal ne, kuma ragin da ake yi wa wanda ya riƙe motarsa daidai ne. Abin da makanikenka ya kawo haramun ne. Akwai kuma wata magana da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, zancen miliyan 10 ɗin nan, wadda za ta iya sauya lissafinka, zan zo kanta.

Mu fara da gane inda kuɗin suka fito. Dubu 400 da aka cire daga miliyan 8 shi ne kason da mai mota yake ɗauka da kansa a kowace asara, yana rubuce a takardarka tun ranar da ka shiga, kuma za a cire shi ko ka riƙe motar ko ka bar ta. Saura miliyan 7 da dubu 600. Tazarar da ke tsakanin wannan da ɗaya tayin, wato miliyan 2, ita ce ƙimar da suka yi wa gawar motar: abin da suke sa ran 'yan gwangwan da masu sayar da kayan gyara za su biya in an yi gwanjonta. In ka riƙe ta, kana da miliyan 5 da dubu 600 a hannu da gawar da ta kai miliyan 2 a gareji. In ka haɗa, miliyan 7 da dubu 600 ne dai.

Yanzu maganar malamin unguwarku, Allah ya saka masa da alheri a kan kishinsa, amma bai dace da daidai ba. Ya ce motarka ce. Gaskiya ne, har yanzu taka ce, kuma ba wanda ya isa ya tilasta maka rabuwa da ita. Abin da ya tsallake shi ne, cikakken kuɗin da kake nema na mene ne? Diyyar mota ce sukutum, da injinta da ƙofofinta da kujerunta. To ƙofofin nan suna nan, kujerun suna nan, bayan motar ko ƙwarzane babu. Yaya za a biya ka kuɗin abin da bai salwanta ba, kuma ka tafi da shi gida? Ƙa'idar malamai ce cewa ba a haɗa wa mutum abu da madadinsa. Da an ba ka miliyan 7 da dubu 600 ka kuma riƙe gawar miliyan 2, da sashen motar da ya tsira an biya ka shi sau biyu.

Kuma wannan zaɓi ba kamfanonin zamani suka ƙirƙiro shi ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayaninsa a babin ta'adi kan dukiya, yana cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil: wanda aka lalata wa abu har amfanin da ake nufi da shi ya gushe, yana da zaɓi, ko ya karɓi ƙimarsa cikakkiya ya bar wa mai biya abin, ko ya riƙe abinsa a biya shi gwargwadon tawayar da ya yi. Misalin da suke bayarwa shi ne yanke wutsiyar dabbar hawan mai alfarma. Dabbar tana raye, tana tafiya, amma ba zai ƙara hawanta ya shiga jama'a ba. Ba su ce ya karɓi kuɗin dabba ya kuma ja akalarta zuwa gida ba. Lura da wani abu: wannan hukuncin a kan mai laifi aka yi shi, wanda ya yi ɓarnar da hannunsa. In wanda ya yi ta'adi ma ba a ɗora masa biyu ba, ina ga asusun takaful, wanda bai ture motarka a Hawan Kibo ba? Asusun nan gudummawar mutane ce irinka, da mai tasi da malamin makaranta da 'yar kasuwa, kamfanin wakili ne kawai a kansa. Kuɗin gwanjon gawar mota asusun suke komawa. Duk nairar da ka karɓa fiye da asararka, daga aljihunsu ta fito.

Batun riba kuwa, ina jin ya hango kamar bashi ne na miliyan 7 da dubu 600 aka ce ka yafe wani sashe. Ba haka ba ne. Ba a rage maka don a gaggauta biya ba, ba a ƙara don jinkiri ba. An rage ne saboda wani kaya mai ƙima da ya tsaya a hannunka. Ko da za a ɗauka cewa ka miƙa musu motar sannan ka saye ta, ciniki ne na ƙarfe da kuɗi, an san kaya an san farashi, aka cire kuɗin daga abin da kake bi. Ba riba a nan ta kowace fuska. Inda maganarsa za ta iya samun gurbi shi ne in sun kumbura ƙimar gawar, su ce miliyan 2 alhali ba mai sayenta sama da miliyan 1 da dubu 300. Wannan zalunci ne a ƙiyasi, maganinsa ka kai masu saye biyu ko uku su gani da ido su rubuta tayinsu, ka kai wa kamfanin. In sun ƙi saukowa, ka bar musu ita su je su nemo miliyan 2 ɗin da kansu. In aka ƙi sauraronka gaba ɗaya, NAICOM, hukumar da ke kula da inshora da takaful a ƙasar nan, tana karɓar ƙorafi.

Shawarar makanikenka ba ta buƙatar dogon bayani. Injiniya ya ga motar da giyarta da tayunta, a kan haka aka yi ƙima. In ka karɓi cikakken kuɗi ka sauke su, ka ɗauki abin da aka riga aka biya ka, ha'inci ne da cin amanar masu zuba gudummawa a asusun. Sun ma ɗauki hotuna, amma ko ba su ɗauka ba hukuncin ɗaya ne. Kayanka da ba jikin mota ba, kamar darduma da takardu da caja, ɗauki abinka. In akwai abin da ka ƙara daga baya wanda bai shiga takafular ba, kamar sabuwar rediyo, faɗa musu a rubuce kafin ka cire. Kuma ɗan'uwa, mutumin da ya ba ka shawarar a sauke wa wasu giya a ɓoye, ka yi tunani kafin ka bar motarka ta ƙara kwana a garejinsa.

Sai zancen miliyan 10. Ka yi takaful a kan miliyan 8, farashin motoci ya tashi, ba ka sabunta ƙimar ba. Ba za su biya ka sama da abin da ka rubuta ba, wannan sharaɗi ne ingantacce. Amma ma'anarsa ita ce asusun ya ɗauki kashi huɗu cikin biyar na motar, kai ka ɗauki kashi ɗaya da kanka. Wanda ya biya kashi huɗu, me zai ba shi gawar gaba ɗaya? Abin da na fi natsuwa da shi, in takardar ba ta yi magana a kai ba, shi ne a raba gawar bisa wannan gwargwado: asusu miliyan 1 da dubu 600, kai dubu 400. Ke nan in ka riƙe motar, abin da za ka karɓa miliyan 6 ne cif. Amma in takardar ta faɗa ƙarara cewa duk motar da aka biya a matsayin kwandem gawarta ta zama ta asusu baki ɗaya, kuma ka sa hannu a kan haka, to Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai dai ka nemi sassauci su kuma su duba. Ka ɗauko takardar ka karanta sashen asara gaba ɗaya da kanka, kuma miliyan 10 ɗin ka tabbatar da ita da farashin dillalai na irin shekarar motarka da irin tafiyar da ta yi. Rashin sa hannunka a kan tayin nasu shi ne ƙarfinka yanzu, domin takardar sallama da suke kawowa kafin biya tana cewa ka karɓi wannan adadi a matsayin cikakken biya na ƙarshe. In ka sa mata hannu, da wuya ka iya neman ƙari, a shari'ar Musulunci ko a doka.

Ba ka tambaye ni wanne za ka zaɓa ba, amma zan faɗa maka. Daga wasiƙarka na fahimci zuciyarka tana kan motar. Injiniya ya ce gyara miliyan 6 da rabi, kai za ka karɓi ƙasa da haka, don haka sai ka ciko daga aljihu, ko ka koma kan kayan Baljiyam, kuma mai fanabita ba ya sanin iyakar ɓarna sai ya buɗe. Ka sa wani da ba shi zai yi aikin ba ya duba maka ƙashin motar, shin ya lanƙwashe? In ya lanƙwashe, ko an ja shi an miƙe, za ka gan ta tana cin taya gefe ɗaya tana janye sitiyari, kuma ba za ta kare na ciki a karo na biyu kamar da ba. Jakunkunan iska da suka fashe ma a sa na gaske. Liƙe murfin a kashe fitilar gargaɗi wasa da rai ne, musamman ga mai bin hanyar Akwanga da iyali. Ni da ni ne, in ƙashin ya taɓu, sai in bar musu.

In ka gyara ka tashi sayarwa wata rana, wajibi ne ka gaya wa mai saye cewa an taɓa yanke mata hukuncin kwandem. Cewa "ta ɗan taɓa bugu" bai sauke maka nauyi ba, kuma yana da ikon mayar maka da ita in ya gano. Takafularka a kan wannan motar ta ƙare da biyan nan, sai ka yi sabuwa, ka kuma faɗa musu tarihinta. In kuwa ka bar ta, ka miƙa makullai da takardu a rubuce, ka riƙe kwafin shaidar miƙawa mai kwanan wata, don kada a tayar da ita a aikata wani abu da sunanka. Idan da saura bashin banki a kan motar, bankin yana da haƙƙi a kuɗin diyyar, sai ka sanar da su kafin ka zaɓa. Kuɗin ajiya a gareji kuma, ka tambaya yau wa zai biya, daga wace rana zuwa wace rana.

Wallahu a'alamu.