Kaso nawa sukari ya ɗauka a cinikin rana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon tireda a wani ƙauye kusa da Ringim. Jiya na yi cinikin naira 60,000, sukari kaɗai ya kawo 13,500. Yaya zan gane kaso nawa ne cikin ɗari?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara buɗi. Ka raba kuɗin sukarin da jimillar cinikin, abin da ya fito ka ninka shi sau 100. A kalkuletar wayarka za ka danna 13500 ÷ 60000, ta ba ka 0.225, sai ka ninka da 100 ka samu 22.5. Wato a kowace naira ɗari da ta shigo shagon jiya, naira 22 da kwabo 50 ta sukari ce.

Ko babu waya za ka iya yi da ka. Cire sifiri ɗaya daga 60,000, saura 6,000, shi ne kaso 10. Dubu shida sau biyu 12,000 ke nan, kaso 20. Ragowar 1,500 kuwa kwata ce ta 6,000, wato kaso biyu da rabi. Ka ga an dawo 22.5 ɗin. Idan kalkuleta ta ba ka 444, to ka juya lissafin ne, ka raba babba da ƙarami. Kaya ɗaya ba ya wuce kaso 100 na cinikin da yake cikinsa.

Inda na fi so ka natsu shi ne ita jimillar, domin nan 'yan tireda suka fi tuntuɓe. Da yawa kuɗin da ke cikin akwati suke ƙirgawa da daddare su ce shi ne ciniki, alhali akwai canjin da aka buɗe shago da shi da safe, wanda dole a cire, ga kuɗin cefanen da aka zara da rana, ga na waɗanda suka biya ta tiransifa, duk sai an mayar da su cikin lissafi. Haka bashi: in ka lissafa mudun sukarin da mai shayi ya ɗauka sai gobe, to ka lissafa bashin sauran kayan ma. Kuma kada ka cire sukarin daga jimillar. In ka raba 13,500 da 46,500, kaso 29 za ka gani, ka ɗauka sukari ya fi yadda yake tafiya, ka je sari ka jibgo buhunan da za su danne maka jari.

Wannan kason na ciniki ne fa, ba na riba ba. A ce ribarka ta jiya 6,000 ce, sukari ya kawo 900 a ciki, to kaso 15 kawai ya ba ka. A ganina kada ka yanke shawarar sari da lissafin rana ɗaya, don ranar kasuwa daban take, watan azumi ma haka. Ka tara na mako guda, sannan ka raba jimillar kuɗin sukari da jimillar cinikin makon.