Tallar Gyaran Waya a Guruf ɗin Unguwa

Tambaya: Malam, ina da ɗan shagon gyaran waya a Unguwar Rogo, Jos. Sau uku ina tura talla a guruf ɗin WhatsApp na unguwarmu: "Muna gyaran kowace irin waya cikin rahusa, sai kun zo." Ko mutum ɗaya bai kira ba. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, mai waya ba ya neman "gyara", ciwon wayarsa yake nema a cikin saƙonka. Wanda tasa sai ya karkata caja kafin ta ɗauki wuta, da ya ga "bakin caji" zai tsaya ya karanta. Don haka ka ambaci ciwo uku ko huɗu da aka fi kawo maka. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum maƙwabta. Gilashin waya ya fashe? Ba ta caji, ko batir na saurin sauka? Ina gyaran Tecno, Infinix, itel da Samsung a shagona, ƙarfe 9 na safe zuwa magariba. Dubawa kyauta ce, kuma sai mun daidaita kuɗi zan kwance waya. Ƙananan gyara a gabanka nake yi. Sikirin da na sa yana da garantin sati 2."

Sai sunanka, lambarka da kwatancen da ɗan unguwa zai gane, kamar masallaci ko mai shayin da ke kusa.

Ka ga ban sa farashin sikirin ba. Kayan waya dala suke bi, kuma na waya iri ɗaya ma akwai orijinal akwai kwafi. In ka rubuta kuɗi yau, bayan wata biyu wani zai zo ya nuna maka tsohon saƙon, ka zama mai magana biyu a idon unguwa. In dole sai ka faɗi kuɗi, faɗi na aikin hannunka kawai.

Maganar "a gabanka" kuwa, ita ce ta fi jawo mutane, musamman mata. Waya cike take da hotunan iyali da manhajar banki. Da yawa gara su yi ta fama da fasasshen gilashi da su bar ta ta kwana a hannun baƙo. Amma kada ka rubuta in ba za ka iya cikawa ba. Wadda ta faɗa ruwa ko ta samu matsalar fanel dole ta kwana, ka faɗa wa mai ita tun farko, ka miƙa masa layinsa da memori. Haka garanti: ka bayyana cewa na sikirin da ya daina jin taɓi ne, ban da wanda ya sake faɗuwa ya fashe.

Kafin ka tura, nemi izinin shugaban guruf. Sau ɗaya a sati ya isa, bayan isha'i, lokacin da mutane suka natsu da waya a hannu. Duk wanda ya zo, tambaye shi inda ya ji labarinka, ka rubuta a littafin shago. In sati huɗu suka wuce ba wanda ya ce guruf, canza jerin ciwon da ka ambata.