USDT na iya faɗuwa ƙasa da dala ɗaya?

Tambaya: "Ina aiki a Jidda, ina ajiye ɗan abin da na samu a USDT kafin in aika gida. Me ke riƙe shi a kan dala ɗaya? Zai iya rushewa?"

Amsa: Ɗan'uwa, alkawarin fansa ne ke riƙe shi. Kamfanin Tether, mai fitar da wannan sulallan kirifto, ya ce kowane USDT yana da kadara a bayansa, mafi yawa takardun bashin gwamnatin Amurka. Idan farashi ya sauka zuwa senti 99, manyan 'yan kasuwa sukan saya su kai wa kamfanin ya ba su cikakkiyar dala. Wannan sayen ne ke mayar da farashin. Kai mai ƙaramin kuɗi ba ka da wannan ƙofar, sai kasuwa.

Matsalar tana zuwa ne idan aka fara shakkar ajiyar. A Maris 2023 bankin Silicon Valley ya rushe da dala biliyan 3.3 na ajiyar USDC, wani sulalla irin USDT, a cikinsa. USDC ya sauka zuwa wajen senti 88, bai farfaɗo ba sai da hukumomin Amurka suka tabbatar za a biya masu ajiya. Wanda ya sayar cikin firgici ya yi asara. UST na kamfanin Terra kuwa, shi ma sulalla ne da aka ɗaure da dala amma ya dogara da wani sulalla mai suna LUNA, ya rushe a Mayu 2022 bai dawo ba.

Don haka duba abin da ke bayan sulallan, ka guji masu alkawarin riba mai tsoka. Riyal ma a ɗaure yake da dala a kan riyal 3.75 kowace dala, kuma babban bankin Saudiyya ne ke tsaye masa, wanda USDT ba shi da irinsa. Kuɗin da za su daɗe, a ganina riyal ya fi. Halaccin USDT kuma, ka tambayi malami masanin fiƙihun ciniki.