Duba laftof ta hannu kafin a biya: caja ake fara zarewa

Tambaya: Salam 'yan uwa. Gobe zan shiga kasuwa sayen laftof ta hannu, kuma ban san komai a kanta ba. Me zan duba a wurin kafin in ba da kuɗi? Sharaɗina dai ta riƙe caji, don unguwarmu wuta sai a hankali.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka fita daga gida ka tanadi filash da iyafis. A cikin filash ɗin ka saka bidiyo guda ɗaya mai tsawo, da hotuna biyar marasa zane: fari sol, baƙi ƙirin, ja, kore da shuɗi. Ka kuma ware minti talatin zuwa arba'in na zama a shagon. Mai shagon da ya hana ka zama, ko yake ta ce maka "ai gwadajjiya ce", ka yi masa sallama, shaguna na nan birjik.

Da an miƙo maka ita, ka zare caja kafin komai. Ka duba kashi nawa batir yake, ka duba agogo, ka rubuta su a wayarka. Ka ƙure hasken sikirin, ka kwafe bidiyon nan daga filash zuwa cikin laftof ɗin ka kunna shi, ka bar shi yana tafiya a baya. Gwajin batir shi ne mai cin lokaci, don haka ka bar shi yana yi alhali kana duba sauran sassan.

Sikirin za ka fara. Goge shi da tsumma tukuna, don ƙura kan yi kama da tabo. Buɗe farin hoton ya cika fuska. A kan fari ne ake ganin ɗigon baƙi wanda ba ya gogewa, da kuma wani tabo mai haske fiye da kewayensa, wanda yake samuwa idan an danne murfin a cikin jaka ko an jibga kaya a kansa. A kan baƙin hoto kuma za ka ga ɗigon da ya maƙale yana haske ja ko kore, da hasken da ke tsiyayowa ta gefe. Ɗigo ɗaya a can lungu ba abin fasa ciniki ba ne, abin neman ragi ne. Amma layin da ya ratsa daga sama har ƙasa yawanci ba ya warkewa, sai dai canjin sikirin ɗungurungum.

Sannan, da hoton a buɗe, ka riƙa karkata murfin a hankali, gaba da baya. Idan hoton ya yi walƙiya, ko ya ɗauke ya dawo, ko launi ya rikice farat ɗaya a wani kusurwa, to wayar da ta taso daga madabod, wato babban allon cikin na'urar, zuwa sikirin ce ta fara tsinkewa. Ta cikin hinji, wato maɗaurin da ya haɗa murfi da jiki, take bi, kuma kowane buɗewa da rufewa lanƙwasa ta yake yi.

Hinji kuwa shi ne wurin da masu saye suka fi yi wa kallon tsiya, kuma shi ya fi jawo kuka daga baya. Ƙarfen kansa ba kasafai yake karyewa ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙura da tsufa su sa ya yi tauri, alhali kusoshinsa suna ɗaure ne a cikin wasu 'yan ƙananan mazaunai na tagulla da aka dasa a roba. Idan ƙarfen ya yi tauri, robar ce ke ɗaukar nauyin, har ta tsage mazaunan su tumɓuke. Don haka ka ɗora yatsa a kusurwar baya, daidai inda murfi ya haɗu da jiki, ka buɗe ka rufe sau biyar ko shida. Idan ka ji "ƙas", ko ka ga roba tana ɗagawa tana buɗe baki, ciki ya riga ya karye. Ka leƙa ko akwai busasshen gam a wurin, ka juya ta ka ga ko kusoshin kusurwa sun ɓace ko ba su yi kama da sauran ba. Ka kuma tsayar da murfin a rabi ka saki: lafiyayye yana tsayawa cak inda ka bar shi. Wadda hinjinta ya ɓalle, ni dai ba zan ce ka saya ba ko an yi maka ragi, domin yakan ja wayar sikirin da gilashin su tafi tare.

Kibod ba shi da wahala. Buɗe Notepad, ka bi maɓallai layi-layi ba tsallake, har da Shift na hagu da na dama, da kibiyoyi, da Backspace. Idan maɓallai uku ko huɗu suka mutu tare, yawanci ruwa ko shayi ne ya taɓa zuba, kuma wanda ya jiƙa kibod yana iya kai wa madabod. Ka lura da tsarin haruffan ma: idan layin sama ya fara da AZERTY maimakon QWERTY, tsarin Faransanci gare ta, kuma za ta ba ka wahala in ba da ita ka saba ba.

Sai ramuka. Soka filash a kowane ramin USB, ka ɗan girgiza shi. Idan yana ɗaukewa yana dawowa, ramin ya saki. Gwada iyafis, ka roƙi mai shago ya jona HDMI da talabijin ko wani sikirin. Ramin caja ka bar shi sai ƙarshe.

Yanzu ka koma kan batir. A ce ka fara da kashi 60, bayan minti ashirin ya koma 48. Ya ci kashi 12 ke nan a minti ashirin, wato cikakken caji zai kai ka kusan awa biyu da minti arba'in da biyar a irin wannan aikin. Sannan ka buɗe cmd, wato baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
start battery-report.html
```

A shafin da zai buɗe ka nemi DESIGN CAPACITY, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, abin da yake iya ɗauka yau. Idan na farko 46,000 mWh ne, na biyu 25,300, saura kashi 55 cikin ɗari ke nan, sai ka cire kuɗin sabon batir daga farashin. Daga kashi 80 zuwa sama lafiya lau ne. Amma kada ka miƙa wuya ga lambar nan ita kaɗai, domin batir ɗan canji mai arha yakan nuna cikakke alhali ba ya riƙewa. Idan takarda da agogo suka saɓa, agogo za ka gaskata. Kuma ya fi kyau ka same ta da rabin caji a kan cikakke, saboda batirin da ya gaji yakan sauka lafiya lau daga 100, sai ya kai wajen 30 ya faɗi warwas, na'urar ta mutu ba gargaɗi.

Ka ajiye ta a kan shimfiɗaɗɗen tebur mai tauri ka kalle ta ta gefe. Idan tana rawa, ko wurin jan yatsa ya tasa sama ya ƙi dannuwa, batirin ya kumbura. Wannan ba a lallaɓa shi, don yana iya kama wuta. A canza shi a gabanka ko ka haƙura.

Yanzu ka mayar da caja. Ka ga kashin yana hawa da idonka, ba alamar fulogi kaɗai ba, sannan ka motsa kan cajar a ramin. Idan caji yana yankewa, ka gwada wata caja don ka gane ko ramin ne ko wayar. Ka karanta jikinta ka tabbata ƙarfinta ya kai abin da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin, don caja mai wat 45 a kan na'urar da ke son 65 ba ta cika batir yadda ya kamata. Wadda aka yi gwajin da ita, ita za ka tafi da ita gida. Rasit kuma a rubuta lambar siriyal ɗin da ke ƙasan na'urar, da kwanakin da aka amince za ka iya dawo da ita.