Ta kira ni macuci a gaban masu ciniki, me zan ce mata idan ta dawo?

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Wata Hajiya ta sayi turmi 12 na ankon bikin 'yarta, shekaranjiya ta dawo tana ɗaga murya wai tela ya auna uku ba su kai yadi shida ba. Ta kira ni macuci shago cike da mutane, wata ma tana ɗaukar mu a waya. Na mayar mata da magana, ta tafi ta ce za ta dawo ranar Asabar. Maƙwabtana sun ce in faɗa wa kowa har yanzu ina bin ta cikon kuɗi, ko in kira mata 'yan sanda. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri, kuma ka gode masa da ta sa maka rana, domin ka samu lokacin shiri. Abu na farko, yau ɗin nan kafin ka rufe shago, ka ɗauko tef ka auna ragowar turamen da suka fito daga dilar da ka sayar mata. Yadi ɗaya inci 36 ne, turmi cikakke kuwa inci 216. Ka warware huɗu ko biyar ka auna da hannunka, kada ka bar wa yaron shago. In ka samu ko da ɗaya ya tsaya a yadi biyar da rabi, to Hajiya na da gaskiya, matsalar daga wajen wanda ya ba ka kaya take. In duka sun cika, wataƙila a wajen tela aka samu kuskure. Ko ta wane hali, ranar Asabar za ka yi magana da sani, kuma wanda ya san abin da ke cikin dilarsa ba ya saurin hasala.

Yanzu ga shawarar maƙwabtanka, wadda kullum sai na ci karo da ita, har na gaji da jin ta. Mutanenmu sun ɗauka wanda aka zaga a bainar jama'a, in bai rama a nan take ba, ya amsa laifi ke nan. Shi ya sa za ka ji ana cewa tona mata asiri, faɗi bashin da ke kanta, nuna mata kai ma ɗan gari ne. To ka tsaya ka tuna su waye ke tsaye a shagon. Mata ne masu aurar da 'ya'ya, rabinsu da bashi suke ɗaukar anko su biya bayan biki. Ranar da ka buɗe baki ka ce Hajiya wance ba ta cika kuɗi ba, kowace a cikinsu za ta ce a ranta, ashe ni ma haka zai yi mini. Hajiya ɗaya ka yi niyyar kunyatawa, goma za su daina zuwa, kuma ba wadda za ta gaya maka dalili. Sai dai ka ga sun wuce ƙofarka sun shiga shagon wanda ya ba ka shawarar.

Ban da haka, bashin da gajartar turmin ba su da haɗi. Ko tana da cikon kuɗi a kanta, turmi yadi shida ne. In ka haɗa su, masu kallo za su fahimci kana gudun maganar awo, kuma kowa a Kano ya taso da jin gargaɗin Suratul Muɗaffifina kan masu tauye mudu. Zargin da ta yi maka ya fi bashi nauyi a kunnen jama'a, kada ka ƙara masa ƙarfi da bakinka.

Batun 'yan sanda kuwa ya fi ba ni haushi. A 2023 wani kamfanin tumatirin gwangwani ya sa aka kama wata mata saboda ta kushe kayansa a fili. Maganar da da ta mutu cikin kwana biyu sai ta zagaye ƙasar nan, mutane suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan. Wannan kamfani ne mai lauyoyi, kai shago ɗaya gare ka. Kuma dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da abin da aka bayyana masa ba. Rubutun nan da wasu ke mannawa a bango cewa in an saya ba a dawowa, ba ya soke wannan haƙƙi. Ka ga ke nan in kayan sun gaza, kai ne a ƙasa a gaban hukumar da kake son kira.

To me za ka ce? Da ta shigo ka miƙe tsaye, ka gaishe ta, ka sa a kawo kujera da ruwa. Ka sassauta muryarka ƙasa da tata, ka bar ta ta gama ko da ta maimaita zagin. Kada ka ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan kalma wuta take ƙara wa mai fushi, domin yana jin kamar an ce masa ba shi da hujja. Idan ta numfasa sai ka ce, yadda na bakin ƙofa ma zai ji:

"Hajiya, ki yi haƙuri da yadda na amsa miki ranan nan, ke uwa ce, bai kamata ba. Biki ya matso ga anko ya samu matsala, dole ranki ya ɓaci. Ga tef nan, mu auna a gaban kowa. Duk turmin da bai kai yadi shida ba, yanzu zan canza miki shi ko in mayar miki da kuɗinsa."

Ka lura, haƙurin da ka bayar na kalamanka ne, wanda ka tabbata ka yi kuskure a kai. Ba ka ce ka cuce ta ba, ba ka ce ƙarya take yi ba, ka bar tef ya yi magana. Kuma ka faɗi abin da za ka yi da lokacin da za ka yi shi. Za mu duba, ko a bar mu da shi, ba amsa ba ce, masu kallo sun san ma'anarta.

Akwai inda zai iya cijewa. In tela ya riga ya yanka turamen ukun, ba za a iya auna su ba. A nan sai ka auna waɗanda ba a taɓa ba cikin sauran taran, ka haɗa da na dilarka. In aka samu gajere ko ɗaya, ka biya ukun ba gardama, ka je ka nemi haƙƙinka wajen dilanka daga baya. In duka sun cika, kada ka yi murmushin nasara, kada ka ce kun gani ko. Ka ce, "Hajiya, kin ga na nan sun cika, a tuntuɓi tela a ji yadda ya auna." In kana da hali ka ba ta turmi ɗaya a kan sari don bikin ya tafi daidai. Ka bar mata ƙofar da za ta fita da mutuncinta, domin wadda aka kunyata ko ba ta da gaskiya sai ta nemi inda za ta huce.

Maganar ciko ka bar ta sai mutane sun watse, ko ka kira ta a waya bayan biki. In kuwa ta ƙi awo, ta ci gaba da zagi ko ta nemi kuɗin turmi 12 gaba ɗaya, ka maimaita tayinka sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka aika a kira shugaban layinku ko wani dattijo na ƙungiyar 'yan kasuwa ya zauna tsakani. Ka sanar da shi tun ranar Juma'a don ya kasance a kusa, ka kuma gaya wa yaran shagonka cewa ranar ba wanda zai sa baki sai kai.